Gajerun kalmomin Turanci a saƙon waya: na hira da abokai, da waɗanda ke zubar da ƙimar mai neman aiki

Shekara shida ke nan ina aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin otal a Jidda, kuma saƙonnin masu neman aiki ta hannuna suke bi kafin su kai teburin manaja. Na rubuta wannan ne domin ƙannenmu Hausawa da suka tashi a nan Jidda da Makka da Madina, masu Larabci tsaf a baki, waɗanda rabin Turancinsu a waya suka koye shi. A watan jiya wani yaro ɗan unguwarmu, mai takardu masu kyau, ya amsa gayyatar ganawa da wannan:

```
k tnx, c u 2moro
```

Manajanmu ya karanta, ya ajiye wayar, ya ce in kira na gaba. Na roƙa masa arziki aka gan shi, amma ya shiga ɗakin ne an riga an yi masa kallon mai sakaci. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san yaron nan ba shi da raini ko kaɗan. Haka kawai ya saba rubutu.

Wannan salo yana da dalilinsa a da. Saƙon waya na asali haruffa 160 kawai yake ɗauka da boko, da Larabci kuwa 70, in ka wuce a caje ka kuɗin saƙo biyu. Ga kuma tsoffin wayoyi da sai ka danna maɓalli ɗaya sau uku ko huɗu kafin harafi ya fito. Daga nan aka samu `b4` da `gr8` da `l8r`, kamar yadda mu ma muka ƙirƙiro `slm` da `lfy` da `ngd`, Larabawa kuma suka riƙa sa 3 a madadin ainun da 7 a madadin ha mai kauri. Yau a WhatsApp ko imel ba wanda ke ƙirga maka haruffa. Shi ya sa mai ɗaukar aiki in ya ga `u` ba tsimi yake gani ba, yana ganin wanda bai ga ya cancanci ƙarin haruffa biyu ba.

Tsakaninka da abokai, sha kuruminka. `lol` na dariya, `brb` na ina dawowa, `omw` na ga ni nan tafe, `idk` na ban sani ba, `btw` na af, na tuna, `np` na ba komai, `gn` na sai da safe, duk ni ma ina rubuta su a zauren 'yan ajinmu. Ba ɓataccen Turanci ba ne. Ƙamus ɗin Oxford ma ya shigar da `LOL` da `OMG` tun 2011. Abokinka ya san muryarka, yana jin ta cikin haruffan, ba zai ɗauke ka da wata manufa ba.

Sai dai akwai biyu da nake roƙonku ku bari ko da abokai ne: `wtf` da `lmao`. Na sha ganin yaran kirki, masu jin kunyar iyayensu, suna rubuta su a zauren dangi a zaton alamar mamaki ce ko ta dariya. Harafin ƙarshe na ta farko ashar ne, na biyun kuma akwai kalmar da ba za ka furta gaban Baba ba. Duk gajeriyar kalmar da ba ka san cikakkiyarta ba, tambaya tukuna.

Wajen aiki, waɗanda suka fi saurin kayar da mutum su ne `u` da `ur` da `r`, sai `pls` ko `plz`, sai `thx` ko `tnx`. Ku dubi biyun ƙarshe da kyau: roƙo ne da godiya. Su ne gaba ɗaya ladabin da ke cikin saƙon, su kuma aka datse. Ba za ka shiga wajen babba ka jefa masa rabin gaisuwa kana tafiya ba, to mai karatu haka yake jin `tnx`. Ita kuwa `k` ita kaɗai ta fi kowacce muni, don masu Turanci da yawa suna karanta ta a matsayin amsar wanda ya ji haushi. Ka rubuta `Noted, thank you`, ba zai ci maka daƙiƙa biyar ba. Haka `gm` ta barka da safiya a farkon saƙo zuwa ga wanda bai taɓa ganinka ba, da `idk` in an tambaye ka yaushe za ka iya fara aiki. A haɗa da `am` a madadin `I am`, wadda 'yan uwanmu da suka zo daga gida suka saba da ita. A nan ana ɗaukar ta kuskuren nahawu ne.

Kada kuma ku ce ofis ba ya gajartawa. Yana yi, da nasa. `CV` da `HR` da `CC` da `SAR` da `KSA` da `N/A` ba wanda zai ɗaga gira a kansu, hasali ma in ka warware wasunsu sai ka zama baƙo. `FYI` tana nufin ga wannan don ka sani, `TBC` ana jiran tabbaci, `ETA` lokacin da ake sa ran isowa, `EOD` kafin a tashi aiki yau. Bambancin shi ne waɗannan kowa a wurin ya yarda da su, suna sauƙaƙa wa mai karatu. `ur` kuwa babban yatsanka kawai ta hutar.

Ko a cikinsu akwai mai ƙaya. `ASAP` na nufin da gaggawa, kuma daga sama take saukowa. Manaja zai rubuta maka ita, kai ba ka rubuta masa, balle mai neman aiki ya ce a ba shi amsa `ASAP`. Ina samun irin wannan kusan kowane mako, kuma ko ni da nake son in taimaka sai na ji wani iri. In da gaske lokaci ya ƙure maka, faɗi ranar: kafin Alhamis, tunda makon aikinmu Lahadi yake farawa. `PFA` kuma, wato ga takarda na haɗo, abokan aikinmu 'yan Indiya da Pakistan suna yawan amfani da ita, amma imel ɗin da babu komai a cikinsa sai haruffan nan uku da `CV` a maƙale ba ya gaya mini ko wane aiki kake nema. Jimla biyu sun isa: sunanka, da gurbin da ka gani.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta `ISA`, wato in sha Allahu, da `JZK`, wato jazakallahu khairan. A ƙasar nan ba wanda zai ga laifinka don ka ce in sha Allahu a saƙon aiki, manajoji ma suna faɗa. To ka rubuta ta cikakkiya. Ba kowa ne zai gane `ISA` ba, musamman abokin aiki ɗan Filifin, kuma addu'a ba abin datsewa ba ce.

Abin da ke ruɗa yara shi ne a nan yawancin maganar aiki ta WhatsApp ake yin ta, wurin da yatsa ya saba da hira. Wani lokaci ma mai ɗaukar aikin ne zai fara rubuto maka `pls send ur iqama copy`. Kada ka bi sahunsa. Shi yana da kujerarsa, kai kana nema. Bayan ka shiga, ka yi wata biyu ko uku kana lura da yadda sashenku ke rubutu, sai ka sassauta daidai da su. Saƙo zuwa ga baƙon otal ko abokin ciniki kuwa kullum cikakke ne.

Ga abin da na so yaron nan ya aiko:

```
Good morning. Thank you for the invitation.
I confirm I will attend on Sunday at 10 a.m.
```

Ya samu aikin daga baya, a teburin karɓar baƙi. Ranar da ya karɓi katinsa na zaunar da shi muka bi tsoffin saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya, yana gyarawa da kansa.