Amsarmu ga Hajiya game da jarkar man gyaɗar da ta saya a shagonmu

Assalamu alaikum, jama'ar Maraɗi da duk wanda bidiyon ya kai gare shi.

Ni ne mai gidan matsar man gyaɗar da aka nuna jarkarsa a bidiyon da ke yawo a WhatsApp da Facebook tun ranar Litinin. Ban yi magana da wuri ba, har wasu suka ɗauka shirun raini ne. Ban so in buɗe baki ba sai na ga jarkar da idona, na kuma gaida Hajiya a gidanta. Jiya bayan la'asar na je. Da izininta nake rubuta wannan, kuma ba zan ambaci sunanta ko unguwarta ba.

Hajiya, kin ce man da kika saya yana wari, yana maƙaƙi a maƙogwaro, ya kuma ɓata miki dubulan da alkakin da kika soya na garar ɗiyarki. Gaskiya kika faɗa. Na buɗe murfin a tsakar gidanki, warin ya buge ni tun ban kai hanci ba. Na ɗanɗana dubulan ɗin da kika ajiye a kwanon samira: a ido ya yi kyau, ya yi ja daidai, amma ba ya haɗiyuwa. Jarkar tamu ce, zoben murfin namu ne, lambar zubin da ke jikinta tana cikin littafinmu. Ki yi haƙuri, ki yafe mana.

Ga yadda abin ya faru. An matse man ranar 4 ga Maris, jarka 120 masu cin lita biyar. Arba'in daga ciki aka kai shagonmu na kusa da Babbar Kasuwa. Da wuri ya yi ƙaranci a ciki, sai aka jera wasu a bakin ƙofa don masu wucewa su gani, ana fito da su da safe, ana mayarwa da magariba. Kowa ya san ranar Maraɗi a watan Afrilu, zafi yana haura digiri 40, jarkar kuma fara ce, haske yana ratsa ta. Abu uku ne ke lalata man gyaɗa: zafi, haske da iska. Idan suka daɗe a kansa sai ya juya, ƙamshi ya koma wari, ko da an matse shi da tsabta. Jarkar Hajiya tana cikin waɗanda suka yi makonni suna shan rana. Ragowar zubin da ke cikin sito, a inuwa, mun buɗe su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Hajiya ba da bidiyo ta fara ba. Ta ɗauko jarkarta, ta biya kuɗin adaidaita, ta dawo shago. Yaron da ke wurin ya ce mata kayan da aka buɗe ba a mayarwa, ya kuma ƙara da cewa wataƙila kaskonta ne ba ta wanke ba. Ya faɗi haka a gaban mutane, ga matar da ta isa ta haife shi. Wannan magana ce ta fusata ta, kuma da mahaifiyata aka yi wa haka ban san iyakar abin da zan yi ba. Ya bi ni gidanta jiya, ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Hajiya da kanta ta roƙe ni kada in kore shi, ta ce yaro ne, kuma yana da masu ci a hannunsa. Na ji maganarta. Na ɗauke shi daga shago na mayar da shi wurin tsince gyaɗa har ya koyi magana da manya. Dokar da ya dogara da ita kuwa, ta rashin karɓar jarkar da aka buɗe, daga wajenmu ta fito, kuma na soke ta. Ta ina mutum zai san mai ya lalace in bai buɗe ba?

Mun mayar wa Hajiya kuɗinta, jikka takwas, mun biya fulawa, alkama, sukari da itacen da suka salwanta, da ladan matan da suka kwana suna taya ta suya. Ba ita ta nema ba.

Akwai kuma maganganun da aka ɗora a kan bidiyon waɗanda ba daga bakinta suka fito ba. Su ba zan karɓa ba, don ba gaskiya ba ne.

An ce muna haɗa manmu da man waje mai arha. Ba mu taɓa yi ba. Gyaɗarmu muna awonta ne bayan kaka daga hannun manoma da ƴan kasuwar karkarar Madarunfa, Agye da Tasawa, buhu-buhu, kuma tunkuzar da ke fita daga injinmu mata masu ƙuli-ƙuli ne ke saye a ƙofar gidan, kowace safiya. Su san yawan gyaɗar da ke shiga da yawan tunkuzar da ke fita, a tambaye su. Wani ɗan'uwa ya saka manmu a firji, ya ɗauki hoto da ya ga ya yi gajimare ya yi kauri, ya ce ga shaidar algus. Ɗan'uwa, man gyaɗa tsantsa ma haka yake yi a firji. In ka fito da shi ya huce, zai koma garau. Ka gwada da wanda kakarka ta matsa da hannunta, za ka ga abu ɗaya. Ɗan abin da ke kwantawa a gindin jarka kuwa garin gyaɗa ne da ya kuɓuce wa matata. Manmu matsawa ake yi a tace, ba a wanke shi da sinadari irin na manyan masana'antu, shi ya sa yake da launi da ƙamshi, shi ya sa kuma wani lokaci yakan ɗan yi kumfa a farkon suya.

An ce muna tauye mudu. Wani ya ɗora jarkarmu ta lita biyar a sikeli, ya ga ba ta kai kilo biyar ba, ya ce an cuce shi. Na fahimci inda ruɗanin yake. Ruwa ne litarsa ɗaya take kilo ɗaya. Mai ya fi ruwa sauƙi, shi ya sa yake tasowa samansa. Litar man gyaɗa nauyinta kusan giram 910 ne, ke nan lita biyar ta kama kilo huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, ban da nauyin jarka. Wanda ke shakka ya zo da kwalbar lita tasa, a tsiyaye a gabansa. In ta gaza biyar, ya tafi da jarka biyu kyauta.

Magana ta uku ta fi nauyi, kuma ina son a saurare ta da natsuwa. Wasu sun rubuta cewa man yana da guba, wai da ruɓaɓɓiyar gyaɗa muke aiki. Tsoron ba na banza ba ne: gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana iya haifar da gubar da likitoci ke kira afalatoksin, wadda ke cutar da hanta. Saboda ita ne muke da mata da aikinsu kaɗai shi ne zama a tabarma da faifai suna tsince baƙar ƙwaya, da motsattsa, da wadda ƙwaro ya huda, kafin a soya a kai inji. Saboda ita ne kuma buhunanmu ba sa taɓa ƙasa a sito, a kan katako suke. Amma warin man da ya sha rana daban, wannan guba daban, kuma ita hanci ba ya gano ta. Don haka ba zan ce ku yarda da bakina kawai ba. Mun ɗebi samfuri daga jarkar Hajiya da kuma daga ragowar zubin, mun rufe a gabanta da mai gidanta, mun aika ɗakin gwaji na ƙasa da ke Yamai. Takardar sakamakon in ta zo, zan ɗora hotonta a nan yadda take, ta yi mana daɗi ko ba ta yi ba.

Mahaifina ya yi awon gyaɗa tun zamanin SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na ƙasa, lokacin da gyaɗa ce ke ɗauke da kasuwar garin nan. A hannunsa na koyi sana'ar. Garin da kusan kowace tsohuwa ta san matsar mai, ta shinshina ta faɗa maka ko gyaɗar bana ce ko ta bara, ba wurin da mai algus zai daɗe ba ne. Masu ƙosai da masu tuwo-tuwo da ke saye wurinmu shekara da shekaru, da sun ga canji da tuni sun watse.

Yanzu ga abin da ya shafi kowa. Duk wanda ke da jarkarmu mai ɗauke da kwanan 4 ga Maris, ya dawo da ita shago ko gidan matsa, an buɗe ko ba a buɗe ba, an ci rabi ko saura kaɗan. Ba ma neman takardar saye. Zai zaɓa: kuɗinsa ko sabuwar jarka. Masu saro wurinmu a Tibiri, Jiratawa da Gidan Rumji mun kira su, motarmu za ta bi ta kwaso abin da ya rage a hannunsu. Daga yau babu jarkar da za ta sake zama a bakin ƙofa, fanko za a riƙa jerawa don talla. Kwanan matsa da muke rubutawa ƙanana a gindi zai dawo gaba, da manyan lambobi. Ku ma a gida, a ajiye mai a inuwa nesa da murhu, a rufe murfi bayan an ɗiba, kada a saka jiƙaƙƙen ludayi a ciki. In za ku saya, ku duba zoben murfi: wanda ya tsinke kada ku karɓa, don akwai masu tara jarkunanmu fanko su sake cikawa da abin da ba namu ba.

Sai roƙo ga masoyanmu. Na ga wasu suna kare mu ta hanyar zagin Hajiya, ana cewa turo ta aka yi, ana cewa kuɗi take nema. Don Allah a bari, wanda ya rubuta kuma ya goge. Ba wanda ya turo ta. Da kuɗinta ta saya, bikin ɗiyarta ne ya kusa lalacewa, kuma ba don ta yi magana ba da sauran jarkunan sun shiga wasu gidajen. Wanda ya zage ta da sunan kare mu, ba da yawunmu ba.

Wanda ke son gani da ido, gidan matsa a buɗe yake daga ƙarfe takwas na safe zuwa azahar, kowace rana ban da Juma'a. A zo a ga sito, a ga masu tsinta, a ga inji yana aiki, a ɗauki hoto in ana so. Mai ƙorafi kuma ya kira lambar da ke jikin jarka, yanzu a hannuna wayar take.

Hajiya, Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Man suyar da za a sake yi ranar Asabar yana kan hanya, sabon zubi ne na wannan makon.

Wassalam,
Mai gidan matsar mai, Maraɗi