Saƙon ban haƙuri kan mitin ɗin da na manta

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma, ya gajiyar aiki. Allah ya sa na same ki lafiya.

Ranki ya daɗe akan mitin ɗin yau ne na ƙarfe 10 da kika kira a ofishinki saboda kayan firaktikal na 'yan SS3. Wallahi mantawa nai, ba ni da wani uzuri da zan kawo miki. Na ga sanarwar a guruf tun ranar Alhamis har na amsa da insha Allah, jiya ma kin sake tuna min a ƙofar ɗakin malamai, kuma yau ɗin ina cikin makaranta lafiyata ƙalau, kawai dai na dogara da kaina ban rubuta a ko'ina ba, ban sa alam ba, sai bayan azahar da na ɗauko waya na ga kin kira ni har sau biyu sannan abin ya faɗo min, gabana ya faɗi. Sakaci na ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ni ke riƙe da lis ɗin kayan kemistiri, to kin ga na zaunar da ke da mataimakin firinsifal da mai kula da lab kuna jira, ƙarshe aka tashi ba a yanke komai ba, basa kuma bai samu abin da zai fitar da kuɗi a kansa ba ga WAEC na ta matsowa. Ke kika tsaya min aka ba ni wannan aikin, yau kuma ke kika sha kunya a gaban mutane saboda ni. Don Allah ki yi haƙuri ki yafe min.

Lis ɗin na gama shi yanzu, na shiga lab mun ƙirga komai tare da mai kula da wajen, asid da ya rage, bututun gwajin da suka fashe, kwalaben da babu murfi, da abin da zai ishi yara 86 in an raba su rukuni rukuni. Zan turo miki hotonsa bayan wannan saƙon, takardar kuma in kawo da hannuna gobe kafin asambuli. Shi mataimakin firinsifal zan je in same shi da kaina in gaya masa laifina ne, kar a ɗora wa sashenmu. Daga yau kuma duk mitin ɗin da aka sanar a take zan sa shi a kalandar waya.

In kin ga da hali a sake zama gobe ko jibi ki sa lokacin da ya yi miki, ko a firiyod ɗina ya faɗo zan nemi wanda za mu yi musanya tun a daren nan.

Na gode Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. A gaida mutan gida.