Neman bayani kan maƙalarka ta tarihin Mai Wurno

Port Sudan, 9 ga Satumba, 2024

Assalamu alaikum, Ustaz.

Ina fata kana lafiya, da kai da iyali, kuma zaman Gadarif yana yi muku sauƙi. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi.

Maƙalar da ka aiko kan kafuwar garin Mai Wurno ta iso, kuma da ita muka yi niyyar buɗe shafin tarihi na wannan mako. Na dakatar da ita. Ba zan buga ba sai ka yi mini bayanin yadda aka yi ta, domin akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai.

Ka rubuta cewa Sarkin Musulmi Attahiru da kansa ya iso Sudan ya kafa garin. Ustaz, kai ma ka san ba haka aka yi ba. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ci gaba da tafiya da jama'ar da ta rage, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Maƙalar kuwa sau biyu tana ɗora garin a bakin Farin Nilu. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a wannan yanki kamarka, ina zai haɗa kogunan nan biyu? Wannan ne ya fara sa ni tunanin ko ba hannunka ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne hirar da ka ce ka yi da wani dattijo. Ka ce shekararsa 95, kuma ya ba ka labarin yaƙin Burmi a matsayin wanda ya gani da idonsa. Mai shekara 95 a bana, haihuwar 1929 ne, shekara 26 bayan yaƙin. In daga bakin mahaifinsa ya ji, to labari ne mai daraja, amma sai a faɗa haka. Sannan ka ce a cikin garin Mai Wurno kuka zauna da shi a watan Yulin bana. Tun ƙarshen Yuni Sinja, babban birnin jihar Sennar, ta faɗi hannun dakarun RSF, mutane suna ta gudu daga jihar, kuma a watan na Yuli daga Gadarif kake turo mana rahoton 'yan gudun hijira. Ta wace hanya ka shiga, wa ya raka ka? In ta waya aka yi hirar, babu aibi a ciki, sai dai maƙalar ta kwatanta tabarmar da kuka zauna a kai da shayin da aka zuba muku.

Akwai kuma littafin da ka kafa hujja da shi har da lambar shafi. Na tambayi malaman tarihi biyu da yaƙi ya kawo nan garin, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Ita kanta Hausar, daga sakin layi na huɗu zuwa na bakwai, jimlolinta a kan ƙirar Larabci suke tafiya, kamar an fassaro su. Na saba da alƙalaminka, ba haka kake magana ba.

Ina so ka faɗa mini gaskiya. Kai ka rubuta ta duka, ko wani ya taya ka? Ko wani sashe ka ɗauko daga rubutun Larabci ka fassara? In haka ne, na wane ne? Ka turo mini muryar hirar idan ka naɗa, ko hoton takardun da ka yi rubutu a kai ranar, da sunan wanda ya haɗa ka da dattijon (wannan tsakanina da kai ne, ba za a buga ba), da hoton bangon littafin da shafin da ka ambata.

Ban yanke maka hukunci ba, kuma ban kai zancen gaban kowa ba. Na san halin da ake ciki: babu wuta, sadarwa tana yankewa, ga iyali a wuya. Mutum kan iya miƙa aiki ga wani don ya cika alkawari. Amma masu karanta shafin nan jikokin waɗanda suka yi wannan tafiya ne a ƙafa, wasunsu yanzu suna kwana a makarantu da sansanoni a Kassala da Gadarif. Ba zan yarda in miƙa musu tarihin kakanninsu a karkace ba, da sunanka da na jaridarmu a sama.

Ina jiran amsarka zuwa Alhamis, 12 ga wata. Kuɗin wannan maƙala na riƙe su tukuna. Na rahotannin watan jiya kuwa za a tura maka ta manhajar banki ta Bankak kamar kullum. In ka ga magana ta fi rubutu sauƙi, kira ni bayan sallar isha'i.

Ka gaishe da mutanen gida.

Wassalam,
Yayanka,
Editan shafin Hausa