Takardar Maki: Jingar Tarihin Ƙasar Hausa, Aji Ɗaya

Ɗaliba: Hadiza
Tambaya: Tsakanin batun addini da zaluncin mulki, wanne ya fi taka rawa wajen ɓarkewar jihadin 1804 a ƙasar Gobir? Ki ɗauki matsayi ki kare shi.
Abin da aka miƙo: shafi uku da rabi, rubutun hannu
Rabon maki: kafa hujja 8, kawo shaida 8, fitar bayani 4

Hadiza, na karanta aikinki sau biyu kafin in ɗauki jan biro. Lambobin da na sa a gefen takardarki su ne nake nufi a nan, sai ki ajiye ta kusa.

KAFA HUJJA: 5 cikin 8

Ma'aunin da na raba muku ya ce mai 7 ko 8 shi ne wanda ya faɗi matsayinsa tun a sakin layi na farko, kowane sakin layi ya tallafe shi, sannan ya amsa wa mai ja da shi. Mai 5 ko 6 yana da matsayi amma bai riƙe shi har ƙarshe ba. Wanda ya ba da labari zalla, 4 ce iyakarsa.

Da na gama shafi na biyu, 4 na yi niyyar ba ki. An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754, ya zauna a Degel, ya yi yawon wa'azi Kabi da Zamfara: duk gaskiya ne, amma ba shi aka tambaye ki ba. Shafi ɗaya da rabi kika kashe kina share fage, kokawar kuwa ba a fara ba.

Sai ga lamba (6) a shafi na uku, jimlar da kika rubuta, kika soke ta da layi ɗaya, kika sake maido ta a gefe da kibiya: "Manomi da makiyayi sun daɗe suna jin zafin haraji, amma ba su tashi ba sai da malamai suka ce musu wannan harajin ya saɓa wa shari'a." Wannan ita ce amsarki, kuma amsa ce mai kyau. Kina cewa ke nan zalunci ne itacen, wa'azi ne ashanar, raba su biyun ma kuskure ne. Ban san abin da ya sa kika soke ta da farko ba. Ina jin tsoro kika ji don ba haka aka faɗa a aji ba. Da kin ɗauko ta kin kai layin farko, kin jera sauran a bayanta, da 7 muke magana.

Abu na biyu da ya rage miki maki, ba ki bar kowa ya yi miki gardama ba. Wani zai ce: in haraji ne, ai ba Gobir kaɗai ake karɓarsa ba, me ya sa wutar ta tashi a can? Wani kuma zai ce rigimar ta ikon sarauta ce, Jama'ar Shehu ta yi yawan da fadar Alkalawa ta fara ganinta kamar wata daula cikin daula. Ko ɗaya daga ciki kika ɗaga kika amsa da jimla uku, ya wadatar. Kammalawarki kuma ta koma "dukkansu suna da muhimmanci", wato kin ajiye makaminki a bakin ƙofa.

KAWO SHAIDA: 5 cikin 8

A nan abu uku nake dubawa: shaidar daidai ce, an faɗi inda ta fito, kuma tana yi wa hujjar aiki.

Dokokin Sarkin Gobir Nafata kin kawo su daidai (3): hana kowa wa'azi sai Shehu, hana wanda bai gaji Musulunci ba shiga cikinsa, hana rawani da lulluɓi. Hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804 da yaƙin Tabkin Kwatto a Yunin shekarar, su ma daidai. Na ji daɗin yadda kika ambaci jangali kika danganta shi da Kitabul Farƙ, ba kamar masu rubuta "masana sun ce" su wuce ba. Sai dai ki tuna littafin na Shehu ne, wato na ɓangare ɗaya cikin rikicin. Ambatonsa daidai ne, amma sai ki nuna wa mai karatu kin san haka.

Kurakurai biyu ne suka ci miki maki. A lamba (4) kin ce Bawa Jan Gwarzo ne ya tilasta wa Shehu hijira. Bawa ya daɗe da rasuwa a lokacin. Yunfa ne ke kan gado, shi ne kuma aka kashe da Alkalawa ta faɗi a 1808. A lamba (5) kin kira Sakkwato babban birnin Gobir. Alkalawa ce; Sakkwato sai a 1809 Muhammadu Bello ya gina ta. Na farkon ya fi muni, domin ya rikita miki jerin sarakunan, alhali yadda abin ya yi ta tsananta daga sarki zuwa sarki shi ne kan maganar.

Abin da ya fi ba ni takaici kuwa, shaidar da ta fi dacewa da ra'ayinki kin wuce ta. Ranar Babbar Salla a Magami, Shehu ya ƙi karɓar kyautar Bawa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya amsa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kada a ɗora wa talakawa haraji mai nauyi. Dubi jerin nan. Addini da kukan talaka a zama ɗaya, daga baki ɗaya. Ga harin da Gobir ta kai garin Gimbana ma, da kama mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, ba ki taɓo shi ba.

"1840" da kika rubuta a shafi na biyu ban lissafa shi a nan ba, tunda sau uku kin rubuta 1804 daidai. Tuntuɓen alƙalami ne.

FITAR BAYANI: 3 cikin 4

Hannunki mai kyau ne, ban sha wahalar karatu ba, amma kyan hannu ba shi da makin kansa. Bayani ake aunawa. Jimlolinki gajeru ne, suna fita. Jinkirin faɗin matsayi na riga na cire shi a sama, ba zan hukunta ki sau biyu kan laifi ɗaya ba.

Makin da kika rasa na abu biyu ne. Ba kya sa lanƙwasa: "kasar Gobir", "sun kare garin", har sai da na tsaya in gane ko kāre shi suka yi ko ƙare shi. A Sashen Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan shafi na biyu gaba ɗayansa sakin layi guda ne, kuma "shi" ɗinki a ciki wani lokaci Shehu ne, wani lokaci sarki.

JIMILLA: 13 cikin 20

Kamar yadda na yi wa ajin alkawari, wanda ya gyara zai iya samun ƙarin maki har biyu. Ba duka za ki sake ba. Ki rubuta sabuwar gabatarwa da ba ta wuce layi shida ba, wadda ta fara da jimlar lamba (6), da sakin layi ɗaya kan zaman Magami. Ki haɗa su da tsohuwar takardar ki kawo ofis ranar Alhamis kafin azahar.

Malaminki na Tarihi