Barkwancin Buɗe Zama: Takardar Masu Gabatarwa a Bitar Adana Wake da Masara

Zuwa ga Malam Sani, Malama Hadiza da Kabiru. Mahalarta bitar nan ta kwana 2 su 42 ne, 15 daga cikinsu mata. Ƙaraminsu shekararsa 18, babbansu ya haura 70, kuma akwai gidaje uku da uba da ɗa za su zauna a ɗaki ɗaya. Da wannan muka auna duk abin da ke cikin takardar nan. Muna son a yi dariya ba tare da wani ya sunkuyar da kai ba, don haka babu labarin da aka sa wanda zai sa ɗa ya ji nauyin mahaifinsa, ko dattijo ya ga an maishe shi abin wasa. Kowane labari bai kai minti ɗaya ba. A karanta shi sau biyu tun da dare, a ba da shi da ka.

Ranar farko, ƙarfe 9 na safe, bayan addu'a da gaisuwa. Da wuya a fara a kan lokaci, kuma waɗanda suka zo da wuri su ne za su fara ƙosawa. Malam Sani zai buɗe da wannan:

Wani bawan Allah ya shiga mota a tasha, ɗan kamasho yana ta kira, "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!" Aka yi rabin awa, mota ta cika maƙil, har da mai kaji a baya. Ɗan kamasho bai daina ba, "Saura mutum ɗaya!" Mutumin ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, mota ta cika, wane ne kuma mutum ɗayan?" Ɗan kamasho ya ce, "Direba."

A ɗaga murya a kan "saura mutum ɗaya" kamar yadda ake yi a tasha, sau uku. Kafin kalmar ƙarshe a ɗan tsaya, a ƙirga ɗaya, biyu a zuci, sannan a ce "Direba" da murya ƙasa-ƙasa. Abin da ke kashe wannan labari shi ne mai ba da shi ya ambaci direba tun da farko, ko dariya ta ƙwace masa kafin ya kai ƙarshe. In an gama sai a ce, "To, mu direbanmu ya iso," a shiga aiki. Amma in wani babba ne ya makara kuma ana jiransa, a ajiye labarin har gobe, domin kowa zai ɗauka da shi ake.

Kafin darasin ƙwarin wake, wajen ƙarfe 10, Malama Hadiza:

Wani maigida ya auno wake kwano 2 a kasuwa. Da uwargida ta zuba a faranti sai ga ƙwari suna ta yawo. Ya koma a fusace ya ce wa mai awo, "Haba malam, wannan wake naka ai duk ƙwari ne!" Mai awo ya dube shi ya ce, "Alhaji, kuɗin wake kaɗai na karɓa. Naman gyara ne."

Wannan shi ne ya fi kowanne dacewa da bitarmu, don yana kai mu kai tsaye ga darasi. Da dariya ta lafa a tambaya, "Wa ya taɓa samun irin wannan gyara a rumbunsa?" Hannuwa za su tashi, daga nan sai a ɗauko buhun nan mai leda biyu a ciki a nuna yadda ake matse iska a ɗaure kowace leda daban. Akwai masu awo guda 4 a cikin mahalarta. Labarin bai taɓa su ba, domin mai awon ne ya yi nasara da bakinsa, amma kada a ƙara masa gishiri da zancen tauye mudu. Wannan zargi ne, kuma zai ɓata zama.

Bayan sallar Azahar da cin abinci, nan ne ido ke nauyi. Kabiru yana da guda biyu, kuma a jere za a ba da su, domin a na farko kaka ce ta ci, a na biyu yaro ne ya ci. Idan aka ba da ɗaya kaɗai, rabin ɗakin zai ji an goyi bayan ɗaya rabin.

Jika ya zo wa kakarsa da sabuwar waya yana taƙama. Ya ce, "Kaka, wannan wayar babu abin da ba ta sani ba. Duk abin da kika tambaye ta sai ta faɗa miki." Kaka ta ce, "Allah? To madalla. Tambaye ta wa ya cinye naman da na rufe a kwano jiya da dare." Jika ya duba waya, ya duba kaka, ya ce, "Kaka, caji ya ƙare."

Malami ya ce wa ɗalibi, "Audu, kana da mangwaro 10, ƙaninka ya ce ka ba shi 4. Nawa za su rage?" Audu ya ce, "Goma, malam." Malami ya ce, "Kai Audu, ba ka san lissafi ba." Audu ya ce, "Malam, kai ne dai ba ka san ni ba."

Wasa tsakanin jika da kaka abu ne da kowa ya tashi da shi a gida, shi ya sa na farkon ba ya buƙatar wani bayani. Abu ɗaya dai: Kabiru matashi ne, kada ya yi karkarwa da murya ko ya ranƙwafa don kwaikwayon tsohuwa. Ya yi muryar kaka da ƙarfinta, kamar mai kama ɓarawo. A na biyun a duba rajista tukuna. In akwai Audu a ɗakin a canza suna, haka ma kowane suna a cikin waɗannan labaran.

Idan duk da haka aka ga gyangyaɗi ya yi yawa, ga wani, amma sai lokacin da ba a ga takamaiman mutum yana barci ba:

Wani mai jawabi ya hango mutum yana sharar barci a sahun gaba. Ya ce wa na kusa da shi, "Malam, don Allah tashe shi." Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka sa shi barcin, kai za ka tashe shi."

Daga nan a ce kowa ya miƙe ya miƙa hannu sama na ɗan lokaci, wanda gwiwa ke damunsa ya yi daga zaune.

Rana ta biyu da safe mun zaɓi kacici-kacici a maimakon labari, domin shi ne wasan da dattawa suka fi matasa ƙwarewa a kai, kuma yana buɗe bakin waɗanda suka yi shiru jiya. A raba ɗakin gida biyu, dama da hagu. Kada a raba manya da yara ko maza da mata, don kada abin ya zama gasar da za a ji haushi. Minti 5 sun isa. Mai gabatarwa ya ce "Kulin kulifita," ɗaki ya amsa "Gauta," sannan a fara:

Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. (Tsintsiya.)
Baba na ɗaka, gemu na waje. (Wuta da hayaƙi.)
Daga nesa na ji muryar ƙawata. (Ganga.)
Tsumagiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba. (Yunwa.)

Ɓangaren da ya kasa sai ya ba da gari kamar yadda aka saba, mai tambaya ya karɓa ko ya ce garin ya yi masa kaɗan a ƙaro. Nan ne dariyar take, don haka kada a yi saurin faɗin amsa. Na yunwa a bar shi ƙarshe, a bi shi da sanarwar lokacin shan shayi. Sau da yawa wani dattijo zai ce shi ma yana da nasa. A ba shi dama, guda ɗaya daga kowane ɓangare, in ba haka ba darasin safe zai tafi a nan.

Masu son harɗe harshe su gwada "turmi ture kura, kura ture turmi" sau 5 da sauri. Wanda ya ɗaga hannu da kansa kaɗai za a kira. Ba a nuna dattijo, ba a nuna mai in'ina, ba a nuna wanda Hausa ba harshensa na gida ba ne.

Lokacin da za a aika wakilan rukuni su kwaso buhuna da igiya daga sito:

Dabbobi suna taro sai ƙishirwa ta kama su, suka aiki kunkuru ya ɗebo ruwa. Awa ɗaya shiru, awa biyu shiru. Zomo ya ce, "Ai dama na faɗa, wa yake aiken kunkuru? Wannan ba shi da wani amfani." Sai suka ji murya daga bakin ƙofa, "In kuka ci gaba da zagina, na fasa zuwa."

Labaran dabbobi su ne mafi aminci a taro irin wannan, domin babu ɗan'uwan kunkuru a ɗakin da zai ji zafi. Mun bar Gizo a waje saboda daɗin labarinsa yana cikin tsamin bakinsa, kuma kwaikwayon wannan yana iya taɓa wani.

Za ku lura babu barkwancin ƙabila ko na gari a nan, alhali shi ne ya fi saurin tada dariya. Wasan Kanawa da Zagezagi, na Fulani da Barebari, na Katsinawa da Nufawa, na Gobirawa da Yarabawa, duk tsohon zumunci ne mai daraja, amma na masu shi ne. In mahalarta biyu abokan wasa suka taɓa juna, a bar su su ɗan yi, a yi murmushi a wuce. Mai riƙe da makirufo kuwa na kowa ne, in ya tsokani wani ɓangare daga gaban ɗaki, wanda aka tsokana ba shi da bakin ramawa daidai da nasa. Haka nan ba a taɓa addini, siyasa, kishiya, rashin haihuwa, naƙasa, bashi ko rashin karatu. A cikin mutum 42 babu ɗaya daga waɗannan da ba ya damun wani, kuma ba zai faɗa muku ba, sai dai ku ga bai dawo ba bayan hutu.

In aka ba da labari ba a yi dariya ba, kada a maimaita, kada a yi bayaninsa. A ce "To, mu koma kan wakenmu," a ci gaba. Yawanci dalilin ɗaya ne cikin uku: na baya ba su ji jimlar ƙarshe ba saboda ƙarar janareto ko fanka, an ja labarin ya yi tsawo, ko an sanar tun farko cewa "ga wani labari mai ban dariya," mutane suka sa rai fiye da kima. A fara kawai da "Wani mutum ne..." Idan ana fassara wa wasu zuwa Fulatanci, a gaya wa mai fassara labarin tun kafin zama, musamman na gyara, don ya shirya yadda zai faɗe shi.

Na rufewa, Malam Sani, kafin jawabin godiya da raba buhuna:

Wani shugaba ya tashi jawabi a dandali. Ya yi awa ɗaya, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi awa biyu, ya rage saura mutum ɗaya tak a zaune. Shugaba ya ji daɗi ya ce, "Allah ya yi maka albarka, kai kaɗai ka san darajar magana a garin nan." Mutumin ya ce, "Amin, ranka ya daɗe. Tabarmar da kake tsaye a kai tawa ce."

Wannan sai a bakin wanda zai yi jawabin da kansa, kuma kafin ya fara. In aka ba da shi bayan jawabin mai unguwa ko wani baƙo, ya zama habaici. Jawabin da zai biyo baya kada ya wuce minti 3, a rufe da addu'a kafin La'asar don masu nisa su sami mota.