Saƙo zuwa ga Malam Sani kan jarabawar Mubarak

Assalamu alaikum Malam, barka da dare, ya gida ya iyali ya fama da ɗalibai. Zainab ce, yayar Mubarak ɗan aji biyu a sashenku na Labarin Ƙasa, mu ne muka zo ofis ranar Talata kana shirin shiga lakca ka ce in rubuto maka komai a nan ka gani da nutsuwa. To ga shi, a yi haƙuri da tsawon saƙon dan Allah.

Kamar yadda na fara maka bayani a tsaye, Mubarak yana da larurar da ake kira disleksiya. Ba ciwon ido ba ne, mun yi gwajin ido har sau 2 aka ce lafiya lau, kuma ba daƙiƙanci ba ne duk da dai haka aka yi ta kiransa tun firamare, har mu ƴan gida Allah ya yafe mana. Matsalar ita ce haɗa haruffa da sautinsu ya fitar da kalma, abin da ni da kai muke yi ba tare da mun sani ba shi sai ya tsaya ya yi ta kokawa, layi ɗaya sai ya maimaita shi sau uku, wani lokacin ya tsallake layi bai lura ba. Amma in aka karanta masa da baki, ko ya ji a lakca, wallahi ya riƙe kenan. Kai ma shaida ne Malam, kai ka ce a fita fil ta zangon da ya wuce shi ya fi kowa bayanin zaizayar ƙasa. Amma ka duba sakamakonsa, keri-oba 2, kuma duka biyun bai kai ga tambayar ƙarshe ba aka ce a ajiye biro.

Rahoton gwajin yana hannuna, masaniyar halayyar ɗan adam ce ta yi masa a asibitin koyarwa watan jiya, shafi 6 ne da sa hannu da hatimi. Na yi fotokwafi 3, ɗaya naka ɗaya na shugaban sashe ɗaya na jami'in jarabawa. A shafi na 5 ta rubuta abubuwan da take ba da shawara, su nake roƙo, ban ƙara komai nawa ba sai abu ɗaya da zan faɗa a ƙarshe.

Na farko ƙarin lokaci, kashi 25 cikin ɗari, wato minti 15 a kan kowace awa. Takardar awa 2 ta zama awa 2 da rabi, ta awa 3 ta zama awa 3 da minti 45. Kwas 8 zai rubuta in an haɗa da keri-oba ɗin, kuma na duba jadawalin da aka liƙa, ranar Laraba ta sati na biyu ce kawai ke da matsala, yana da takarda ƙarfe 9 zuwa 12 sannan wata ƙarfe 1, in aka ƙara masa lokaci zai fito 12:45 kenan, saura minti 15 ko sallah ba zai samu ba balle ya sa wani abu a ciki. Ko za a iya fara masa ta safen 8:15 ya gama tare da kowa? Ya yarda ya zauna a ɗakin ba waya har sauran su shiga.

Na biyu mai karanta masa tambayoyi, kuma nan ne na san za a fi yin gardama don ko baffanmu da na gaya masa sai cewa ya yi ai wannan satar amsa ce da lasisi. Shi ya sa nake so a rubuta ƙa'idar ƙarara kowa ya gani. Mai karatun zai karanta abin da ke kan takarda ne kalma da kalma, in Mubarak ya ce a maimaita ya maimaita ko sau nawa ne, in ya ce a karanta masa amsar da ya rubuta ya karanta yadda take har da kuskuren. Ba zai fassara ba, ba zai ce ga abin da malam ke nufi ba, ba zai danna murya a kan amsar da ta dace ba in tambayar zaɓi ce. A takardar taswira kuma rubutun gefe da sunaye kawai zai karanta, layukan tudu da kwari wannan aikin Mubarak ne tunda shi ake gwadawa. Ku za ku zaɓo mutumin ba mu ba, gara ma wanda ba ɗan sashen ba, ko wani ma'aikacin laburare ko ɗan digiri na biyu daga wata tsangayar, mu dai ya kasance Turancinsa na fita sarai. In akwai ɗan abin da ake ba shi na wahala a gaya mana, sai mu biya ta ofis da rasit, ba hannu da hannu ba don kar a zo ana wata magana.

Tunda da murya za a yi karatun dole sai an ware masa ɗaki, ko ƙaramin ofis ne, da mai sa ido nasa. A babban hol zai dami mutane su ma su dame shi.

Kwas 2 a ciki na kwamfuta ne, su Jeneral ɗin nan, kuma agogon kan allo shi ke rufewa da kansa in lokaci ya cika, babu ruwansa da wata takarda da ke aljihunka. To sai an sanar da masu kula da cibiyar tun da wuri su saita masa nasa lokacin a kan lambar rajistarsa. Wannan ne ya fi tsaya min a rai gaskiya, don in aka bari sai ranar za a ce ba a iya taɓawa.

Sauran ƙanana ne: a buga masa takardar tambaya da manyan haruffa, lamba 14, da tazara tsakanin layuka, gefe ɗaya na takarda. Sannan masu maki su duba ma'ana kar a yanke masa don ya juya harafi, sai dai in kwas ɗin rubutun kalma daidai yake gwadawa kamar na Turanci, wannan mun fahimta.

Malam ba wai ina kawo maka doka ba, ka fi ni sani, amma in shugaban sashe ya nemi madogara akwai dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma ita kanta JAMB tun 2017 take da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarabawa ana karanta musu tambayoyi. Kenan ba baƙon abu muka zo da shi ba.

Abin da na ce nawa ne shi ne takarda. Dan Allah in an amince a ba shi wasiƙa mai sa hannun shugaban sashe, da lambar kowane kwas da lokacin da aka ƙara da ɗakin da zai zauna, ya riƙe ɗaya a ba jami'in jarabawa ɗaya. Na san halin Mubarak, in mai sa ido ya ce bai san zancen ba shiru zai yi ya miƙa takardarsa ya fito. Kuma ya roƙa kar a sanar a gaban ƴan aji, abokansa 2 kawai suka sani.

Saura sati 3 a fara, ranar Litinin 14 ga wata. Mubarak zai kawo maka takardar neman a rubuce da fotokwafin gobe bayan lakcar 10, ni kuma ina da hutu ranar Alhamis in ana so in zo mu ga shugaban sashe tare, ko ƙarfe nawa ne ya yi muku. Hajiya na gaishe ka, ta ce a yi maka godiya. Allah ya saka da alheri Malam, sai na ji daga gare ka.