Ƙarin Mahaifa: Hanyoyin Magani da Bambancinsu

Takardar bayani ga masu zuwa Sashen Kula da Lafiyar Mata

An ba ki wannan takarda ne saboda sikanin ya nuna kina da ƙari a mahaifa, wanda ake kira faibiroid. Tsiro ne na naman mahaifa, ba ciwon daji ba ne, kuma ya fi yawa a matan Afirka. Mata da yawa suna da shi ba su sani ba, don bai taɓa damunsu ba. Wasu kuwa yakan sa musu yawan jinin al'ada, ciwon mara, yawan fitsari, taurin bayan gida ko girman ciki. Wani lokaci yakan kawo jinkirin ɗaukar ciki ko ɓari, musamman idan ya tsiro zuwa cikin kogon mahaifa. Bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, galibi yakan motse da kansa.

Jadawalin da ke ƙasa bai fifita wata hanya a kan wata ba. Jerin da aka bi ma ba na daraja ba ne. Kafin ki duba shi, ki amsa wa kanki tambayoyi biyu, domin kusan duk shawarar a kansu take: me ya fi damunki, jinin ko girman ƙarin? Kuma kina neman haihuwa yanzu, nan gaba, ko kin gama?

Jadawali na 1: Hanyoyin da ba tiyata

| Hanya | Yadda ake yi | Jinin al'ada | Girman ƙari | Ɗaukar ciki | Abin da kan iya biyo baya |
|---|---|---|---|---|---|
| Sa ido kawai | Zuwa asibiti lokaci-lokaci, sikanin idan an ga canji | Ba canji | Yana iya ƙaruwa ko ya tsaya | Ba ta hanawa | Ƙarancin jini idan zubar ta yi yawa |
| Taranekzamik | Ƙwaya sau 3 a rana, har kwana 4, lokacin al'ada | Yana raguwa | Ba canji | Ba ya hanawa | Tashin zuciya, gudawa |
| Ibufirofen ko mefenamik | Ƙwaya bayan cin abinci, kwanakin al'ada | Yakan ɗan ragu, ciwo ma haka | Ba canji | Ba ya hanawa | Zafin ƙirji, ciwon ciki |
| Ƙwayar tazarar haihuwa | Ƙwaya 1 kullum | Yana raguwa | Ba ta motsar da shi | Tana hanawa muddin ana sha | Ciwon kai, nauyin nono, tashin zuciya |
| Robar mahaifa mai sinadarin homon | A saka a asibiti, ta yi shekara 5 | Yana raguwa sosai, wasu ya ɗauke | Ba ta motsar da shi | Tana hanawa har a cire | Ɗigon jini a wata 3 zuwa 6 na farko, robar na iya fitowa |
| Allurar goserelin | Allura duk mako 4, wata 3 zuwa 6 | Yakan ɗauke | Yana motsewa na ɗan lokaci | Ba a neman ciki a kanta | Jin zafi a jiki, zufar dare, bushewar gaba |

Waɗanda wasu hanyoyin ba su dace da su ba

Taranekzamik: wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa ko a huhu.

Ibufirofen da mefenamik: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da wasu masu asma.

Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu: mai hawan jini, wadda jini ya taɓa daskare mata, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da rikicewar gani, da mai shan taba da ta kai shekara 35.

Robar mahaifa: ta fi zama daidai idan ƙarin bai kai santimita 3 ba, kuma bai karkatar da kogon mahaifa ba. Idan ya karkatar da shi, robar ba ta samun wurin zama.

Allurar goserelin tana buƙatar ƙarin bayani, don nan ne aka fi samun rashin fahimta. Tana dakatar da sinadarin da ƙarin ke girma da shi, sai jiki ya zama kamar na wadda al'adarta ta ɗauke. Ciki zai ragu, jini ya tsaya, mace ta ɗauka ta warke. Amma da an daina, cikin 'yan watanni ƙarin yakan koma yadda yake. Ba a wuce wata 6 a kanta ita kaɗai saboda tana rage ƙarfin ƙashi. Shi ya sa aka fi yin ta kafin tiyata, domin jinin jikinki ya ƙaru kuma aikin ya zo da sauƙi. Ba allurar tazarar haihuwa ba ce, don haka ana haɗawa da kwaroron roba.

Jadawali na 2: Tiyata da makamantanta

| Tambaya | Cire ƙari ta gaba da na'urar leƙa mahaifa | Cire ƙari ta ciki, a bar mahaifa | Toshe jijiyar da ke kai wa ƙari jini | Cire mahaifa |
|---|---|---|---|---|
| Wane ƙari ta dace da shi? | Ƙarami, a cikin kogon mahaifa | Babba ko da yawa | Mafi yawan iri | Kowane iri |
| Ana yanka ciki? | A'a | E, ko 'yan ƙananan huda | A'a, huda ɗaya a matsematsi | E, ko ta gaba, ko huda |
| Allurar barci | Ta barci ko ta baya | Ta barci ko ta baya | Ta kashe zafin wurin | Ta barci ko ta baya |
| Kwanciya a asibiti | Galibi ranar a tafi gida | Kwana 3 zuwa 5 idan an yanka | Kwana 1 zuwa 2 | Har kwana 5 idan an yanka |
| Komawa aiki | 'Yan kwanaki | Mako 4 zuwa 6 | Mako 1 zuwa 2 | Mako 6 zuwa 8 |
| Jinin al'ada | Yana raguwa | Yana raguwa | Yana raguwa | Ya ƙare |
| Nauyi da danne mafitsara | Ba canji sosai | Suna raguwa | Suna raguwa a hankali | Suna gushewa |
| Mahaifa tana nan? | E | E | E | A'a |
| Ɗaukar ciki daga baya | Yana yiwuwa | Yana yiwuwa | Ba da ita ake farawa ga mai neman haihuwa ba | Ba ya yiwuwa |
| Ƙari na iya dawowa? | E | E | E | A'a |
| Haɗari | Zubar jini, huda mahaifa, shigar ƙwayar cuta | Zubar jini, mannewar hanji da mahaifa, shigar ƙwayar cuta | Ciwon mara mai tsanani na kwanaki, zazzaɓi, fitar ruwa ta gaba | Zubar jini, rauni a mafitsara ko hanji, daskarewar jini |
| Ana yi a nan? | E | E | A'a, sai an tura ki | E |

Bayani a kan jadawali na 2

Kwanakin da aka rubuta abin da aka saba gani ne. Naki na iya zuwa ƙasa da haka ko sama.

"Dawowa" ba yana nufin wanda aka cire ya sake tsirowa ba. Wani sabo ne, ko ƙaramin da ba a gani ba lokacin aiki. Ƙarancin shekaru da yawan ƙarin da aka tarar suna ƙara yiwuwar hakan.

A aikin cire ƙari ta ciki, idan jini ya ƙi tsayawa har ya zama barazana ga rai, likita na iya cire mahaifar. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma yana cikin takardar amincewa da za ki sa wa hannu, kuma gara ki ji shi yanzu ki tattauna da maigidanki ko wanda kika amince da shi. Bayan aikin cire ƙarin likita zai faɗa miki watannin da za ki jira kafin neman ciki. Idan yankan ya yi zurfi a bangon mahaifa, za a iya ba ki shawarar haihuwa ta tiyata, kuma a asibiti za ki yi awo ki haihu. Ki adana takardar sallamarki don ki nuna a wurin awo.

Cire mahaifa ba ɗaya yake da cire gidan ƙwai ba. Idan an bar gidajen ƙwai, jiki zai ci gaba da samar da sinadarinsa, al'ada ce kawai ba za ta zo ba. Bayan an warke, ana ci gaba da kwanciyar aure. Ki tambaya tun kafin ranar aiki ko za a bar su, da dalili.

Toshe jijiya yakan sa al'ada ta ɗauke da wuri ga wasu, an fi ganin haka ga waɗanda suka haura shekara 45. Wasu kuma sukan buƙaci wani aikin bayan shekaru.

Jininki kafin komai

Kowace hanya kika zaɓa, za a auna yawan jininki. Idan ya yi ƙasa za a ba ki ƙwayar ƙarin jini. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba matsala ba ce. Kada ki sha ta tare da shayi, yana hana jiki ɗaukarta. Ba ta rage zubar, tana mayar da abin da aka rasa ne. Wadda za a yi wa tiyata ta ciki a wannan asibiti, ana buƙatar 'yan uwanta su tanadi leda 2 ta jini kafin ranar.

Idan kina shan maganin gargajiya ko wani haɗi da kika saya, ki zo da shi a gani. Ba faɗa za a yi miki ba. Wasu suna tsinka jini, wasu suna taɓa hanta ko ƙoda, kuma mai ba da allurar barci yana buƙatar sani. Haka kuma jinin da ya zarce kwanakin da kika saba, hukuncin sallarsa da azuminsa na malamai ne, amma dalilin zuwansa sai an duba a asibiti.

Ki zo sashen gaggawa, kada ki jira ranar da aka ba ki, idan:

- audugar mata tana jiƙewa duk awa, awa 2 a jere
- kina ganin jiri, numfashi yana yi miki wuya, ko kin suma
- fitsari ya ƙi fita
- ciwon ciki mai tsanani ya taso farat ɗaya
- zazzaɓi, ruwa mai wari, ko kumburin ƙafa ɗaya sun biyo bayan aiki
- jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada: wannan ki zo a makon, ko da ɗigo ne

Ranar ganin likita

Ki zo da sakamakon sikanin, da na gwajin jini, da lissafin kwanakin al'adarki ta wata 3 da suka wuce. Ki tambayi likita ƙari nawa ne, girmansu, da inda suke, sannan ya nuna miki layukan jadawalin da suka shafe ki. Kuɗin kowace hanya ya bambanta, ofishin biyan kuɗi zai rubuta miki kafin ki yanke shawara, kuma mai inshorar lafiya ta nuna katinta a can. Kina iya zuwa da rakiya, kina iya neman ma'aikaciya mace ta tsaya lokacin da ake duba ki, kuma ba dole ba ne ki ba da amsa a ranar. Idan kin zaɓa sannan kika sauya ra'ayi, ki sanar da nas.

Ana ganin masu ƙarin mahaifa ranakun Talata da Alhamis, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, a ɗaki na 4. Mai ba da shawara kan robar mahaifa da ƙwayar tazarar haihuwa tana ɗaki na 6 a ranakun.